Babi na Bakwai: Layin Likita da Layin Nas

A foldar majinyaci guda akan tarar da rubutun hannu biyu, kowanne yana faɗin abin da ke damun mai foldar, amma ba su yi kama da juna ba. Likita ya rubuta sunan cuta, kalma biyu ko uku, ya sa hannu. Nas kuma ta rubuta doguwar jimla mai gaɓa uku, wadda ba sunan cuta ta fara da shi ba. Ɗalibin da ya fara shiga ɗakin marasa lafiya yakan ɗauka cewa na biyun maimaicin na farko ne aka ja shi ya yi tsawo, don haka sai ya leƙa abin da likita ya rubuta ya kwafe, ya yi masa ado da 'yan kalmomi. Daga nan aikin jinya yake fara karkacewa, domin tambayar da layukan biyu suke amsawa ba ɗaya ba ce. Likita yana amsa wannan: wace cuta ce ta kama mutumin nan? Nas kuwa tana amsa wata daban: me cutar ta yi wa jikinsa da rayuwarsa a wannan sa'ar, kuma me zan iya yi a kai da hannuna da ilimina?

Wannan jimla ta nas ita ce a aji ake kira dayagnosis na jinya. A babin nan za mu ce mata tantancewar jinya, ta likita kuma tantancewar likita.

Ba tun fil'azal ake rubuta ta ba. A shekarar 1953 wata nas Ba'amurkiya, Vera Fry, ta yi rubutu tana cewa nas ma tana da abin da take tantancewa na kanta, amma maganar ta daɗe ba ta samu shiga ba. Sai a 1973 Kristine Gebbie da Mary Ann Lavin suka kira taro a birnin St. Louis na Amurka don a jera matsalolin da nas ke ganowa, a ba kowacce suna. Daga wannan taro ƙungiyar NANDA ta samo asali, aka kafa ta a 1982, ta zama ta duniya a 2002, kuma har yau duk bayan 'yan shekaru tana sabunta jerin sunayen. Tsarin gaɓa uku, wato matsala da sanadi da alama, Marjory Gordon ce ta shimfiɗa shi a 1976. Shi ne ake taƙaitawa da haruffan PES, kuma shi ake koyarwa a makarantun jinya na Najeriya da ke ƙarƙashin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, har da ta Birnin Kebbi. A folda da Turanci ake rubutawa, kuma za ka ga an haɗa gaɓoɓin da gajerun haruffa: r/t tsakanin matsala da sanadi, AEB tsakanin sanadi da alama. A nan za mu ce "mai nasaba da" a gurbin na farko, "kamar yadda aka gani a" a gurbin na biyu.

Yaro daga Katanga

Mu ɗauki misali irin wanda duk wanda ya yi aiki a ƙasar Jega, Aliero ko Maiyama da damina ya saba gani. Watan Agusta ne, ruwa ya sauka, gulbi ya kawo, rijiyoyin da ba su da murfi sun gurɓace. Wata uwa daga Katanga ta goyo ɗanta mai wata 14 a kan babur ta kawo shi asibiti wajen azahar. Likita ya duba shi, aka huda yatsa aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, babu jini a kashin. Ya rubuta cewa ciwon gudawa da amai ne na kwana-kwanan nan, wanda ƙwayar cuta a hanji ta jawo, ya rubuta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, ya wuce gado na gaba. Aikinsa ya yi daidai. Wannan layin nasa zai zauna a haka har ranar sallama, sai fa in gwaji ya nuna wata cutar.

Nas ba za ta fara da alƙalami ba. Za ta ja kujera ta zauna kusa da uwar.

"Sannu baiwar Allah. Tun yaushe yake zawon?"

"Tun shekaranjiya, Malama. Yau kaɗai ya yi shida, kamar ruwa. Ya yi amai sau biyu."

"Fitsari fa, yaushe rabonsa da yi?"

"Tun da asuba ban ga ya jiƙa zane ba."

"Yana kama nono?"

"Shina kamawa ƙwarai, kamar ya cinye ni."

Sannan ta duba da idonta da hannunta. Yaron yana ta kuka ba ya zama wuri guda, kuma kukan ba hawaye sosai. Idanunsa sun faɗa, kuma da ta tambayi uwar ko haka idonsa yake, ta ce a'a. Leɓɓansa da harshensa sun bushe. Ta kwantar da shi rigingine, ta kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefe da babban yatsa da manuniya, ta ɗaga ta saki. Fatar ba ta koma nan take ba, ta ɗan tsaya, amma ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ta miƙa masa ruwa a kofi ya fizga ya sha da haɗama. Bugun zuciyarsa 150 a minti, ya ɗara abin da ake so ga sa'ansa. Ta ɗora shi a sikeli, kilo 8 cif. Katin awonsa da uwar ta ciro daga jaka ya nuna mako biyu da suka wuce kilo 8.6 yake. Ya yi asarar giram 600 ke nan, kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsa, kuma nauyin da ya zube cikin kwana biyu ruwa ne, ba tsoka ba.

Sai yanzu take da abin rubutawa:

Ƙarancin ruwa a jiki, mai nasaba da zubar ruwa ta hanyar zawo da amai, kamar yadda aka gani a faɗawar idanu, bushewar baki, jinkirin komawar fatar ciki, rashin fitsari na kimanin awa 8, bugun zuciya 150 a minti, da raguwar nauyi daga kilo 8.6 zuwa kilo 8.

A lura da yadda aka zo ga wannan jimla. A rubuce matsala ce a gaba, alama a ƙarshe. A aikace kuwa daga ƙarshe aka faro. Alamu aka fara tattarawa, aka ga sun taru sun nuna abu guda, aka ba abin suna, sannan aka nemi sanadinsa. Wanda ya fara da zaɓen suna daga littafi sannan ya dawo neman alamun da za su dace da shi, zai samu abin da yake nema ko da babu shi.

Gaɓar farko, matsalar, dole ta zama halin da majinyaci yake ciki wanda jinya za ta iya sauyawa. Ba a rubuta sunan cuta a nan, domin nas ba ta da hurumin yanke cewa ga ƙwayar da ke cikin hanjin yaro. Ba a kuma rubuta abin da ake shirin yi. Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya rubuta "yana buƙatar ƙarin ruwa" a matsayin matsala. Wannan magani ne, kuma da ya rubuta shi ya rufe ƙofar tunani, tunda ya yanke cewa sai an ɗaura leda tun kafin ya auna ko yaron zai iya sha da baki. Yaronmu yana sha da haɗama, bai kai ga allura a jijiya ba. Haka nan alama guda ba ta zama matsala. "Bushewar baki" alama ce, kuma mai toshewar hanci da ke numfashi ta baki ma bakinsa yakan bushe alhali ruwan jikinsa lafiya lau. Sai alamu sun haɗu biyu, uku, huɗu kafin a sa suna.

Akwai kuma batun wacce za a sa a gaba. Zawon kansa yana cikin matsalolin da nas za ta iya rubutawa, haka ma damuwar uwar da ta kwana biyu ba barci. Amma abin da ke kashe yaro mai gudawa cikin sa'o'i shi ne ƙarewar ruwa, don haka shi ne na ɗaya, sauran su biyo baya.

Gaɓar tsakiya

A ganina, in ana son a gane ko nas ta fahimci aikinta, gaɓar sanadi za a duba. Matsala ana iya haddace sunanta, alamu ana iya kwafo su, amma sanadi sai wanda ya zauna da majinyaci ya yi tambaya. Kuma shi ne yake faɗa wa duk wanda ya karɓi aiki abin da zai yi.

A ɗauka a ɗakin nan akwai yara uku a gadaje uku, duka likita ya rubuta musu cuta iri ɗaya, duka kuma nas ta rubuta musu ƙarancin ruwa a jiki. Na farko shi ne namu na Katanga. Yana sha, amma abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Sanadinsa zubar ruwa ne, don haka aikin shi ne a mayar da abin da ya zube, a riƙa ƙirga kowane zawo ana biyan sa. Na biyu zawonsa ya yi sauƙi tun jiya, amma in an kawo cokali sai ya kau da kai yana kuka. Da aka buɗe bakinsa aka ga farin kumfa ya lulluɓe harshe da cikin kumatu, ga ƙuraje. Nasa sanadin shi ne ƙin sha saboda zafin baki. In aka ajiye masa lita guda ta ruwan gishiri da sukari a gefen gado, haka za a tarar da ita da safe. Shi aikinsa a wanke baki a hankali, a ba shi kaɗan-kaɗan da sanyinsa, a nuna wa likita bakin don ya rubuta magani. Na uku kuwa bakinsa lafiya, yana son sha, amma kakarsa ta hana. Ta ce zawon haƙori ne, kuma duk abin da aka zuba masa fitowa yake yi, gara a bar cikin ya huta. Nasa sanadin shi ne an rage masa sha saboda fahimtar da iyalinsa suke da ita game da zawo. Maganinsa zama da tsohuwar, a gaishe ta da girmamawa, a ce, "Inna, ki dubi idonsa, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa," a ba shi cokali na farko a gabanta, a bar ta ta ba shi na biyu da hannunta.

Cuta ɗaya, matsala ɗaya, amma aiki uku daban-daban, kuma gaɓar tsakiya ce kaɗai ta rarrabe su. To a ce duka ukun an rubuta musu "mai nasaba da ciwon gudawa da amai". Nas ɗin dare ta zo ta karanta, me ta ƙaru da shi? Ba ta san na biyu bakinsa ke ciwo ba, ba ta san na uku kakarsa ce ke ɗauke kofi ba. Wannan ne dalilin da ya sa malamai suke soke jimlar da aka sa tantancewar likita a gurbin sanadi. Ba tsaurin jarrabawa ba ne. Sunan cuta ba abin da nas za ta kama ta gyara ba ne, amma zubar ruwa, zafin baki da hana sha duk abubuwa ne da hannunta ke kaiwa gare su. In ana ganin ambaton cutar zai ƙara haske, ana iya liƙa shi a bayan sanadi, a ce "zubar ruwa ta hanyar zawo da amai, wanda ya biyo bayan ciwon hanji". Sunan cutar ya shigo a matsayin ƙarin bayani, bai ƙwace kujerar sanadi ba.

Wani kuskuren da ke ɓuya shi ne a maimaita matsala a gurbin sanadi da wasu kalmomi: "ƙarancin ruwa a jiki mai nasaba da bushewar jiki". An zagaya an dawo inda aka tashi. Hanyar kama shi mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka, in zan kawar da abin da na rubuta a tsakiya, na san ta ina zan fara? In amsar ita ce a'a, ba ka rubuta sanadi ba tukuna.

Sai kuma wanda ya fi ci mini rai, wato sanadin da yake zargi. "Mai nasaba da sakacin uwa." "Mai nasaba da jahilcin iyaye." Matar da ta goyo ɗa a kan babur cikin laka ta biya kuɗin da wataƙila rance ne, ba ta cancanci a rubuta mata wannan a takardar da za ta zauna shekaru a ɗakin ajiya ba. Ban da haka, sakaci hukunci ne a kan halin mutum, ba abin da aka gani aka auna ba, kuma folda takarda ce da kan iya zuwa gaban alƙali. A rubuta abin da ya faru: an daina ba shi nono da ruwa tun jiya saboda ana ganin hakan zai tsayar da zawo. Wannan gaskiya ce, kuma ta nuna abin da za a gyara. Haka ma ba a rubuta zargin abokin aiki a wannan gurbi. In akwai ƙorafi, yana da tasa hanyar.

In kuma an bincika ba a gano sanadi ba, an yarda a rubuta cewa ba a kai ga gano shi ba tukuna, a ci gaba da nema. Ya fi a ƙirƙiro.

Gaɓa ta uku, alamu, ita ce hujja, kuma ita ce ma'aunin da za a dawo a yi awo da shi. Shi ya sa ake son lamba a inda lamba take, da kalmar majinyaci ko ta mai jinyarsa a inda magana ce. "Raguwar nauyi" kawai ba ta kai "daga kilo 8.6 zuwa kilo 8" ba. Kada kuma a rubuta alamar da ba a gani ba don littafi ya lissafa ta. Littafi ya ce maɗigar jariri takan faɗa, gaskiya ne, amma in ɗalibi ya rubuta haka a kan yaro ɗan shekara uku wanda maɗigarsa ta daɗe da rufewa, kowa ya san ba daga jikin yaron ya ɗauko ba.

Alamun ma suna da iyaka. Yaron da tamowa ta kama sosai, idonsa a faɗe yake dama, fatarsa kuma ba ta komawa da sauri ko da ruwan jikinsa bai ragu ba. In aka dogara da waɗannan biyun aka ɗura masa ruwa da sauri, zuciyarsa mai rauni tana iya gazawa. A wurin irinsa sai an jingina da labarin uwa, wato ko zawon ruwa ne na kwanan nan, ko idon jiya ya faɗa ko ya daɗe a haka, kuma akwai ruwan sha na musamman da ake ba su a hankali. Don haka kafin a rubuta layin, a auna damtsensa da tef, a danna bayan ƙafafunsa a ga ko akwai kumburi.

Mu koma ga yaronmu mu ga yadda jimlar take haifar da aiki. Alamunsa sun sa shi a matakin tsakiya na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ruwa ya ragu amma bai kai matsananci ba. Ƙa'idar wannan mataki ita ce mililita 75 na ruwan gishiri da sukari ga kowane kilo, cikin awa 4. Kilo 8 sau 75 ya ba da mililita 600, wato 150 a kowace awa. Ƙaramin cokali yana ɗaukar mililita 5, saboda haka cokali ɗaya duk minti biyu ya cika lissafin. Nas za ta kaɗa ƙunshi guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ta nuna wa uwar, ta ce in ya yi amai a dakata minti 10 sannan a ci gaba a hankali, nono kuma kada a fasa. Zinki miligiram 20 a rana, kwana 10 zuwa 14, kamar yadda aka rubuta. Burin da za ta sa a gaba kuwa daga gaɓar alamu za ta ɗauko shi, ta juya shi: nan da awa 4 yaro ya yi fitsari, bakinsa ya jiƙe, fatar ciki ta koma nan take, bugun zuciya ya sauko. Da ƙarfe shida na yamma ta dawo da jerin nan a hannunta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In sun gyaru, sai a koma ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo.

In kuwa ta tarar ya yi laushi, ba ya iya sha, fatar ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, hannuwa sun yi sanyi, to magana ta fita daga abin da cokali zai yi. Wannan sai ruwa ta jijiya da gaggawa, kuma a nan aikin nas da na likita suke haɗuwa. Lynda Juall Carpenito ta ware irin waɗannan a 1983 ta kira su matsalolin haɗin gwiwa: abubuwan da nas take sa ido don ta hango su da wuri, amma maganinsu sai da umarnin likita. Sanin wannan iyaka wani ɓangare ne na iya tantancewa.

Washegari da safe yaron ya farfaɗo, yana wasa da ɗankwalin uwarsa. Layin likita yana nan yadda yake. Layin nas na jiya kuwa an rubuta a gefensa cewa an shawo kansa, da kwanan wata da lokaci. Amma da aka kwance masa zane sai aka ga ɗuwawunsa ya yi ja ya saluɓe. Sabon layi ya shigo: lalacewar fata, mai nasaba da yawan haɗuwar fata da zawo da danshi, kamar yadda aka gani a ja da saluɓewar ɗuwawu da kukan yaro in ana wanke shi. Wannan shi ne bambanci na zahiri da kowa zai iya gani a folda. Tantancewar likita takan zama ɗaya ta daɗe, ta jinya kuwa takan yi yawa, tana sauyawa da sauyin majinyaci, wani lokaci tsakanin safe da yamma.

Abin da bai faru ba tukuna

Akwai nau'in da gaɓa biyu kawai yake da su, kuma ɗalibai sukan yi tuntuɓe a kansa. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗorin karaya da ake zuwa wurinsu daga nesa. A ce wani dattijo manomin albasa ya faɗi a babur ya karya cinya. Ko a gidan mai ɗori ya kwanta ko a asibiti, makonni zai yi a kwance rigingine. Tantancewar likita ita ce karayar ƙashin cinya. Nas ta juya shi ta duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa, fata lafiya lau. Amma ramamme ne, ba ya iya juyawa da kansa, zufa tana jiƙa shimfiɗa, cin abincinsa ya ragu. Sai ta rubuta: haɗarin samun gyambon kwanciya, saboda rashin motsi, rama, da danshin shimfiɗa. Ta tsaya nan. Babu gaɓar alama domin babu gyambon, abubuwan da ke jawo shi ne kawai a ƙasa. Aikin da ya biyo baya shi ne juya shi duk bayan awa 2 gwargwadon yadda karayar ta bari, a ɗage dugadugai daga katifa, a bushe shimfiɗa, a kula da abincinsa.

Wanda ya rubuta "haɗarin gyambo" sannan ya ƙara "kamar yadda aka gani a ciwon da ke ƙugunsa" ya yi karo da kansa. In ciwo ya fito, ko ma jan da in an danna shi da yatsa ba ya gushewa, to an wuce haɗari, matsala ta tabbata, jimlar ta koma mai gaɓa uku, kuma sai an auna faɗin wurin da santimita an rubuta.

Wani zai ce, duk wannan a babban asibiti yake da amfani. A ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Maiyama ko Jega sau da yawa babu likita, nas ce ko jami'in lafiyar al'umma, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Jega take yayewa, shi ne zai yi gwajin zazzaɓi, ya ba da magani bisa littafin ƙa'idojin aiki da aka ba shi. Wannan gaskiya ne, kuma doka ta ba su wannan dama a cikin iyakarta. Amma mutum guda ya riƙe aiki biyu bai mayar da aikin ɗaya ba. Hasali ma a irin wannan wuri aka fi mantawa da tambaya ta biyu, domin da an sa wa cuta suna an miƙa magani sai a ga kamar an gama. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya karɓi ƙwayoyinsa, amma wa ya duba ko yana iya haɗiyewa, ko ruwan jikinsa ya ragu, ko uwar ta gane cewa kwana uku za a yi ana ba shi ko da ya warware a rana ta biyu? Waɗannan ba su cikin sunan cutar.

Ɗalibi mai karanta wannan babi, gobe in ka shiga ɗakin marasa lafiya ka zaɓi gado ɗaya, ka rufe shafin likita tukuna. Ka zauna da majinyacin ko mai jinyarsa, ka yi tambaya, ka duba, ka auna, ka rubuta jimlarka. Sannan ka gwada ta da tambaya uku: abin da na sa a farko, jinya za ta iya sauya shi? Abin da na sa a tsakiya, ya faɗa wa wanda zai karɓe ni abin da zai yi? Abin da na sa a ƙarshe, da idona na gan shi ko da kunnena na ji shi a jikin wannan mutumin? In ɗaya ta gaza, ka koma bakin gadon ka sake tambaya kafin ka sa hannu.